Yadda Ake Haɗa Jadawalin Lokaci Daga Faifan Kwamfuta Don Gano Ranar Da Mai Kutse Ya Fara Shiga

Idan aka wayi gari aka tarar an kulle fayilolin wata ma'aikata ana neman kuɗin fansa, tambayar da shugabanni suke fara yi wa mai bincike ita ce, yaushe mutumin nan ya shigo? Da amsar ne za a san wane kwafin ajiya ne mai tsabta da za a maido, da tsawon lokacin da ɓarawon ya yi yana kallon bayanan mutane. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki daren da aka ga ɓarnar a ce shi ne daren shigowa, alhali sau da yawa mai kutse ya yi makonni yana kai da komo a cikin gidan kafin ya fasa komai. Aikin jadawalin lokaci bin sawu ne da baya da baya: ana farawa daga inda aka tabbatar ɓarawo ya taka, a koma sawun da ya gabace shi, har a iso wurin da ƙasa ta daina nuna komai, sannan a faɗi gaskiya cewa a nan sawun ya ɓace.

Domin bayanin ya tsaya da ƙafafunsa, zan bi misali guda da na shirya shi a kan irin abin da aka saba gani. Wani kamfani yana da sabar Windows guda, faifanta tsarin NTFS ne, kuma an buɗe mata ƙofar RDP, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, mai lamba 3389 zuwa intanet domin ma'aikata su riƙa aiki daga gida. Ranar Litinin 18 ga Maris 2024 ma'aikata suka zo suka tarar babu fayil ɗin da yake buɗuwa.

Ɗaukar kwafin faifai kafin a taɓa komai

Duk minti ɗaya da sabar ta ƙara yi tana aiki, sababbin bayanai suna hawa kan tsofaffi. Saboda haka a cire mata wayar sadarwa, a ɗauki kwafin ƙwaƙwalwar RAM idan akwai kayan aikin yin haka, sannan a kashe ta. Kada a bari mai kula da kwamfutocin kamfanin ya saki manhajar kashe bairos a kanta ko ya goge asusun da ya ga bai sani ba. Niyyarsa mai kyau ce, amma yana share sawu ne da tsintsiya. Ana haɗa faifan da kwamfutar bincike ta hanyar na'urar da take hana rubutu a kansa, a ɗauki kwafinsa ɗungurungum, a kuma tabbatar kwafin bai bambanta da na asali ba.

```
ewfacquire -t sabar01 -d sha256 /dev/sdb
ewfverify -d sha256 sabar01.E01
mmls sabar01.E01
```

Lambar SHA-256 da ta fito a rubuta ta a takardar aiki tare da ranar ɗauka da sunan wanda ya ɗauka, domin ita ce hujjar da za a nuna daga baya cewa ba a sauya komai ba. Umarni na uku yana nuna inda kowane ɓangaren faifan ya fara. A misalinmu ɓangaren da Windows yake ciki ya fara a sashe na 239616, kuma wannan lambar za mu riƙa ba sauran umarnin. Tun a wannan rana a tambayi kamfanin ko akwai wani tsohon kwafin ajiya na sabar a faifan da ba a haɗe yake da ita ba, a karɓe shi a ajiye. Za a ga amfaninsa a gaba.

Daidaita agogo

Jadawalin da agogonsa ya rikice ya fi rashin jadawali illa, domin yana iya sa abin da ya biyo baya ya zama kamar shi ne ya jawo abin da ya gabace shi. NTFS yana ajiye lokutan fayiloli da agogon duniya na UTC, haka ma kundayen aukuwa na Windows masu ƙarshen `.evtx`. Matsalar tana shigowa ne ta wurin nunawa: `Event Viewer` yana juya lokacin zuwa agogon kwamfutar da ake kallo a kanta, wasu manhajoji kuma suna rubuta nasu kundin da agogon gari. Sabar da take Kano ko Maraɗi tana gaban UTC da awa ɗaya, wadda take Kumasi kuwa daidai take da UTC. Ana duba saitin sabar a fayil ɗin rajistar Windows mai suna `SYSTEM`, a ƙarƙashin `ControlSet001\Control\TimeZoneInformation`, bayan an tabbatar daga `Select\Current` cewa saiti na ɗaya ne yake aiki. A misalinmu an sami `W. Central Africa Standard Time`, wato UTC da ƙarin awa ɗaya.

Shawarata ita ce a yi aikin gaba ɗaya da UTC, kada a juya zuwa agogon gida sai a rahoton ƙarshe. Haka kuma a nemi aukuwa mai lamba 4616 a kundin `Security` da aukuwa mai lamba 1 ta `Kernel-General` a kundin `System`, waɗanda suke nuna an sauya agogon sabar. Ƙaramin gyara na daƙiƙa ɗaya ko biyu aikin daidaita agogo ne na yau da kullum. Tsallen kwanaki kuwa hannun mutum ne. Duk lokutan da zan ambata daga nan na UTC ne.

Fitar da shaidu da auna iyakar kowacce

Yanzu sai a fitar da jerin dukan fayilolin da ke faifan tare da lokutansu, a kuma ciro babban teburin fayiloli, wato `$MFT`, wanda kullum shi ne shigarwa mai lamba 0.

```
fls -r -m C: -o 239616 sabar01.E01 > body.txt
mactime -b body.txt -d -y -z UTC 2024-01-01..2024-03-19 > fs.csv
icat -o 239616 sabar01.E01 0 > MFT.bin
MFTECmd.exe -f MFT.bin --csv out
EvtxECmd.exe -d Logs --csv out
```

Foldar `Logs` a nan kwafin `C:\Windows\System32\winevt\Logs` ce da aka ciro daga kwafin faifan. Akwai masu fara aiki da `log2timeline.py` na Plaso, wanda yake tattara kusan kowane lokaci da ke faifan ya zuba a wuri guda. Kayan aiki ne mai kyau, kuma ni ma ina sa shi ya yi ta aiki a gefe, amma yana fitar da layuka miliyoyi, kuma wanda ya buɗe su ba tare da ya san ranar da yake nema ba zai nutse ne kawai. Gara a fara da shaidu kaɗan da aka fahimta, idan an kama wata awa da ake zargi sai a koma babban jadawalin a duba minti goma kafinta da bayanta.

Kafin a karanta ko layi ɗaya don neman ɓarawo, akwai aikin da mutane da yawa suke tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan binciken: a rubuta ranar mafi tsufa da kowane kundi ya kai. Kundayen Windows suna da iyakar girma, idan sun cika sai sabuwar aukuwa ta ture mafi tsufa. Kundin `Security` na sabar da ba a sauya wa saiti ba megabait 20 ne, kuma sabar da ake ta gwada mata kalmomin sirri dare da rana tana iya cika shi cikin 'yan kwanaki ko ma awanni. Idan kundi ya fara daga ranar 10 ga wata, rashin ganin ɓarawo a cikinsa kafin ranar ba shaida ba ce ta komai.

A misalinmu ga abin da aka tarar. Kundin `Security` ya fara ne daga ƙarfe 01:12 na ranar Lahadi 17 ga Maris, kuma layinsa na farko aukuwa ce mai lamba 1102, wadda take nufin an goge kundin da gangan. Kundin `System` bai taɓu ba, ya koma har Nuwamban 2023. Kundin zaman RDP, mai suna `Microsoft-Windows-TerminalServices-LocalSessionManager%4Operational.evtx`, ya koma har 9 ga Janairu 2024, domin shi ba ya rubuta yunƙurin da bai yi nasara ba, saboda haka ba ya saurin cika. Ɗan'uwansa `RemoteConnectionManager` kwana uku kawai ya riƙe. Kundin sauye-sauyen fayiloli na NTFS, wato `$UsnJrnl`, bai koma baya fiye da daren ɓarnar kansa ba, domin sauya wa dubban fayiloli suna ya ture duk abin da ya gabata. Kwafin inuwa na `Volume Shadow Copy` kuwa an goge su, kamar yadda masu garkuwa da fayiloli suka saba yi.

Kafa turke, sannan komawa baya

Turken farko dole ya zama abin da babu gardama cewa aikin mai kutse ne. A nan takardar neman fansa ta farko an ƙirƙire ta a faifan da ƙarfe 01:40 na 17 ga Maris, kuma minti 28 kafin nan aka goge kundin `Security`. Abin da mai gogewa ba ya iya hanawa shi ne aukuwa ta 1102 tana ɗauke da sunan asusun da ya yi gogewar, kuma sunan da ya fito shi ne `backup_svc`. Mai kula da sabar ya ce bai taɓa buɗe asusu mai wannan suna ba. Mun sami bakin zare.

Sai a tace kundin zaman RDP da wannan suna. Aukuwa ta 21 tana nufin an shiga an buɗe sabon zama, 23 an fita, 24 an yanke ba tare da an fita ba, 25 kuma an dawo kan zaman da aka bari. Aukuwa ta 21 da ta 25 suna nuna adireshin da aka shigo daga gare shi, ko kalmar `LOCAL` idan mutum yana zaune gaban sabar ne. Asusun `backup_svc` ya bayyana sau da dama tsakanin 5 da 17 ga Maris, duka daga adireshi ɗaya na waje, `203.0.113.45`, kuma fitowarsa ta farko ita ce ƙarfe 22:14 na daren Talata 5 ga Maris.

Shaida ɗaya ba ta isa a kafa rana a kanta ba, don haka a nemi ta biyu daga wani wuri da ba ya dogara da ta farko. Windows ba ya yi wa asusu folda a `C:\Users` lokacin da aka buɗe shi. Sai ranar da aka fara shiga da shi aka ga fuskar tebur. Idan aka duba sakamakon `MFTECmd`, foldar `C:\Users\backup_svc` an ƙirƙire ta a minti ɗaya da aukuwa ta 21 ɗin nan, ƙarfe 22:14 na 5 ga Maris. Kundin aukuwa da teburin fayiloli sun yi magana da baki ɗaya, kuma wannan shaidar foldar tana da daraja ta musamman, domin ko an goge dukan kundaye ita tana nan.

A wannan gaɓa ne mai gaggawa yake rufe fayil ya rubuta cewa an shigo ranar 5 ga Maris. Amma asusu ba ya buɗe kansa. Wanda ya buɗe `backup_svc` yana cikin sabar tun kafin 22:14, kuma yana da ikon shugaba a kanta. Duk sanda aka iso wata shaida da ake zaton ita ce ta farko, a tambayi kai abin da ya zama dole ya faru kafin ta yiwu. In akwai amsa, to ba a kai farko ba.

Fayil ɗin da ya yi ƙaryar shekarunsa

Kafin mu ci gaba da bin asusun, akwai wani rami a wannan daren da ya kamata a tsaya a kansa. Kundin `System` ya nuna aukuwa ta 7045, wato an girka sabon sabis, da ƙarfe 22:21, kuma sabis ɗin yana kiran `C:\ProgramData\upd\svhost.exe`. Sunan ma kaɗai abin zargi ne, domin na Windows na gaskiya `svchost.exe` ne kuma a `System32` yake zama. Da aka duba ranar ƙirƙirar fayil ɗin kamar yadda Windows yake nunawa, sai aka ga shekarar 2019. Wanda ya yarda da wannan zai gaya wa kamfanin cewa shekara biyar ɓarawo yana cikinsu.

Dalilin da ya sa ba za a yarda ba yana cikin yadda NTFS yake ajiye lokaci. Kowane fayil yana da shigarwa a `$MFT`, kuma a cikinta akwai jerin lokuta iri biyu. Na farko yana cikin `$STANDARD_INFORMATION`, shi ne wanda ake gani a tagar fayiloli, kuma kowace manhaja da take da ikon rubutu a fayil ɗin tana iya sauya shi. Na biyu yana cikin `$FILE_NAME`, wanda tsarin ne da kansa yake rubuta shi, kuma yawancin kayan ɓoye sawu ba sa taɓa shi. `MFTECmd` yana kiran na farko `Created0x10`, na biyu `Created0x30`.

```
Created0x10  2019-03-19 04:44:00.0000000
Created0x30  2024-03-05 22:20:31.4417392
```

Abu biyu ne suka tona asirin. Na ɗaya, lokacin da ake gani ya girmi lokacin da tsarin ya rubuta da kusan shekara biyar. Na biyu, NTFS yana ƙirga lokaci da ma'aunin nanodaƙiƙa 100, shi ya sa ake ganin lambobi bakwai bayan ɗigo, kuma da wuya lokacin da agogo ya bayar da kansa ya ƙare da sifiri bakwai cif. Ga kuma shaida ta uku daga waje: sabis ɗin da yake kiran fayil ɗin an girka shi ƙasa da minti ɗaya bayan lokacin `$FILE_NAME`.

Sai dai a yi hattara, domin waɗannan alamun ba hukunci ba ne su kaɗai. Manhajojin girkawa na halal da masu buɗe fayilolin zip sukan ba fayil tsohon lokaci mai ƙarewa da sifiri, kuma a kowace saba za a sami ɗaruruwan irinsu da babu laifi a tare da su. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan mai kutse ya sauya lokacin sannan ya sauya wa fayil ɗin suna ko ya matsar da shi wata folda a faifai ɗaya, Windows yana iya kwafe lokacin ƙarya ya sa a `$FILE_NAME`, sai duka biyun su yi daidai. Haka nan wanda ya leƙa `AppCompatCache`, jerin manhajojin da Windows yake ajiyewa a rajista, ya sani cewa lokacin da ke wurin lokacin gyaran fayil ne na ƙarshe, ba lokacin da aka kunna shi ba. Na ga rahotannin da suka rushe a kan wannan kuskure kaɗai. `Prefetch`, wanda ake dogara da shi a kwamfutocin ma'aikata don sanin lokacin kunna manhaja, a kashe yake a sabar Windows sai in wani ya kunna shi, don haka rashinsa a nan ba alamar gogewa ba ce. Lokacin buɗe fayil na ƙarshe kuwa ban ba shi muhimmanci, domin ba kullum Windows yake sabunta shi ba, kuma kowace manhajar ajiya ko ta tsaro tana iya motsa shi.

Wanda ya buɗe asusun

Amsar tana cikin kundin `Security` da aka goge, kuma a nan ne kwafin ajiyar da aka karɓa tun ranar farko ya yi rana. Kamfanin yana da kwafin `Windows Server Backup` na ranar Juma'a 8 ga Maris a wani faifai da aka cire aka sa a durowa. A cikin foldar `WindowsImageBackup` akwai fayil mai ƙarshen `.vhdx`, wanda hoton faifan sabar ne kamar yadda yake a ranar, da kundayensa duka. Ana ɗaukar kwafinsa da lambar SHA-256 kamar yadda aka yi wa na farko, sannan a ciro `Security.evtx`. Wannan tsohon kundin ya rufe daga safiyar 4 ga Maris zuwa 8 ga Maris.

A cikinsa aka sami aukuwa ta 4720, buɗe sabon asusu, da ƙarfe 22:11 na 5 ga Maris, sai 4732 ta biyo baya, wato an sa asusun cikin rukunin `Administrators`. A duka biyun, gurbin `SubjectUserName` yana ɗauke da sunan `scanner`. Ana ɗaukar lambar `SubjectLogonId` a nemi aukuwa ta 4624 da `TargetLogonId` ɗinta ya dace da ita, domin wannan ne yake ɗaure aikin da takamaiman zama maimakon suna kawai. Ta kai mu ga shiga mai nau'i na 10, wato ta RDP, da ƙarfe 22:06 daga `203.0.113.45`, adireshin nan dai da muka riga muka sani.

Asusun `scanner` tsoho ne. An buɗe shi shekarun baya domin na'urar sikanin ofis ta riƙa zuba takardu a wata folda ta sabar, wanda ya girka na'urar kuma ya sa shi cikin `Administrators` don ya huta da matsalar izini, ya ba shi kalmar sirri mai sauƙi. Na'urar sikani tana shiga ne da nau'i na 3, shigar hanyar sadarwa, daga adireshinta na cikin ofis, kuma ba ta da abin yi da fuskar tebur. Sauran kundin cike yake da aukuwa ta 4625, yunƙurin da bai yi nasara ba, daga adireshi barkatai. Lambar `0xC0000064` a gurbin `SubStatus` tana nufin babu asusu mai wannan suna, `0xC000006A` kuma tana nufin sunan daidai ne amma kalmar sirri ba daidai ba. A lura cewa idan an kunna `Network Level Authentication`, wato tantance mai shiga kafin a buɗe masa zama, yunƙurin RDP da ya faɗi yana fitowa ne da nau'i na 3, don haka wanda ya tace da nau'i na 10 kaɗai ba zai ga harin ba sam.

Yanzu a sake yin abin da aka yi ɗazu, amma da sabon suna. Kundin zaman RDP ya nuna `scanner` sau biyu kacal. Na biyu shi ne na 5 ga Maris. Na farko kuwa ƙarfe 03:27 ne na ranar Juma'a 23 ga Fabrairu, wato 4:27 na asuba a agogon ofishin, daga wani adireshi dabam, `198.51.100.23`, aka kuma fita da ƙarfe 03:31. Teburin fayiloli ya gaskata: foldar `C:\Users\scanner` an ƙirƙire ta da ƙarfe 03:27 na wannan rana, kuma lokutanta biyu sun dace har lambobin bayan ɗigo. Asusun ya yi shekaru ba shi da folda, sai a wannan asubar. Da aka koma babban jadawalin Plaso aka duba waɗannan minti huɗu, babu wata manhaja da aka sauke. `UserAssist`, jerin manhajojin da aka buɗe da ke cikin `NTUSER.DAT` ɗin asusun, ya nuna an buɗe `cmd.exe` da `Task Manager`, shi ke nan. Mutum ne ya leƙo ya ga girman gidan ya fita.

Zaman minti huɗu, shiru na kwana 11, sannan wani adireshi ya dawo da kayan aiki: wannan ya yi kama da yadda masu fasa ƙofa suke sayar wa masu garkuwa da fayiloli hanyar shiga. Amma faifan bai faɗi haka ba, kuma sauya adireshi ba ya wuyar mutum ɗaya. Idan za a ambata a rahoto, a ambata a matsayin hasashe a keɓe shi daga abin da aka tabbatar.

Gwada ranar kafin a sa hannu

Saura a yi ƙoƙarin ƙaryata 23 ga Fabrairu. Ana jera duk aukuwa ta 21 da ta 25 daga 9 ga Janairu, na kowane asusu, a zauna da mai kula da sabar a bi adireshin ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya sami mai shi. Idan aka ga duk shigowar waje tana ɗauke da adireshin na'urar rarraba intanet ta ofis, to na'urar tana ɓoye adireshin asali, kuma wannan gwajin ba zai yi aiki ba sai da kundinta. Ana jera foldojin `C:\Users` da ranakun ƙirƙirarsu, a gwama da `ProfileList` a rajistar `SOFTWARE`, ko akwai wadda aka goge. Ana duba duk aukuwa ta 7045 da fayilolin `C:\Windows\System32\Tasks` na kafin ranar, ko akwai wata ƙofar baya da ta girme ta. Ana kuma duba lambobin `EventRecordID` na kundin zaman, domin a jere suke hawa, kuma giɓi a tsakaninsu yana nuna an cire wani abu. A misalinmu duk waɗannan sun fito da tsabta.

Duk da haka akwai abin da faifan ba zai iya rufewa ba. Manhajar da take gwada kalmomin sirri tana iya dacewa da ta `scanner` ta tsaya a matakin tantancewa ba tare da ta buɗe zama ba, kuma irin wannan ba ya haifar da folda ko aukuwa ta 21. Sawunsa yana zama ne a aukuwa ta 4624 mai nau'i na 3 da aukuwa ta 1149 ta `RemoteConnectionManager`, kuma babu ɗayan kundayen biyu da ya kai watan Fabrairu. Saboda haka ranar da kalmar sirri ta faɗa hannun ɓarawo tana iya gabatar ranar da ya fara shiga, kuma wurin neman ta shi ne kundin katangar tsaron ofis ko wani kwafin ajiya da ya girmi na 8 ga Maris.

Jimlar da za ta shiga rahoton, ke nan, ga yadda ya kamata ta kasance. Shiga ta farko da aka tabbatar ta auku ne ranar 23 ga Fabrairu 2024 da ƙarfe 03:27 UTC, ta RDP, da asusun `scanner`, daga `198.51.100.23`, bisa shaidar kundin zaman RDP da lokacin ƙirƙirar foldar asusun a `$MFT`, kwana 23 kafin a kulle fayiloli. Ba a ga wani zaman RDP da ba a san mai shi ba tsakanin 9 ga Janairu da wannan rana. Shaidun da ke hannu ba su rufe yunƙurin tantancewa na kafin 4 ga Maris ba, don haka ba a kore yiwuwar an sami kalmar sirrin tun kafin 23 ga Fabrairu ba. Kwafin ajiyar 8 ga Maris yana ɗauke da asusun `backup_svc` da sabis ɗin `svhost.exe`, saboda haka ana iya ciro takardu daga cikinsa amma ba za a maido da sabar daga gare shi ba, kuma ko da an sami kwafin da ya girmi 23 ga Fabrairu, sai an sauya kalmar sirrin `scanner`, an cire shi daga `Administrators`, an kuma rufe ƙofar 3389 kafin a sake haɗa sabar da intanet.